Daga Silaid 24 Zuwa Kalma 250: Yadda Ake Fitar da Tsakure Bayan Kare Kundi

Ɗalibin da ya kare kundin digirinsa na biyu ko na uku yakan ɗauka cewa ya yi sallama da rubutu. Ba a jimawa sai wata buƙata ta taso. Ko dai makarantar manyan digiri ta ce a kawo tsakuren da za a sa a gaban kundin kafin a ɗinke shi, ko ga wani taron ƙara wa juna sani da za a rufe karɓar takardunsa ranar Juma'a, ko kuma malamin da ya duba aikin ya ce a tura wa wata mujalla. Dukansu abu ɗaya suke nema, wato taƙaitaccen bayani da bai wuce kalma 250 ko 300 ba, kuma sau da yawa sukan ce a kasa shi a ƙarƙashin kanun da su da kansu suka tsara.

A irin wannan lokaci hannu yakan tafi kai tsaye ga silaid ɗin da aka haska a majigi ranar kariya. Tunanin ba na banza ba ne. Mutum ya riga ya sha wahalar matse shafi ɗari da ɗoriya zuwa silaid ashirin da 'yan kai, to me zai hana ya kwashe rubutun da ke kansu, ya jona su da "kuma" da "sannan", ya miƙa? Abin da ke fitowa daga wannan dabara editocin mujallu sun san shi tun daga layin farko. Rabin tsakuren yakan ƙare wajen bayyana muhimmancin batun, sakamakon kuwa jimla ɗaya ce rak, wai "an sami gagarumin bambanci", ba lamba ko ɗaya.

Silaid yana da amfani a wannan aiki, amma amfaninsa shi ne ya nuna wa mutum inda zai duba a cikin kundi. Ba daga kansa ake kwafo tsakure ba, kuma akwai dalilai.

Na farko, silaid ba a yi shi don ya tsaya da ƙafarsa ba. Kamar amshi yake, in babu mai ba da waƙa ba a gane inda ya dosa. A kan allo an rubuta kalma huɗu da hoton jadawali, sauran bayanin yana bakin ɗalibin da ke tsaye da sandar nuni. Mai karanta tsakure kuwa ba ya cikin ɗakin. Ƙila wani likita ne a Zariya ko ɗalibi a Maraɗi da ya ci karo da shi a rumbun mujallu irin African Journals Online ko PubMed, kuma ƙila abin da zai gani ke nan daga dukan aikin, domin cikakkiyar maƙalar wani lokaci sai an biya kuɗi.

Yadda silaid ke ɓoye abu mai muhimmanci ya taɓa zama batun bincike a hukumance. Bayan kumbon Columbia na Amurka ya tarwatse ranar 1 ga Fabrairu, 2003, mutum bakwai suka mutu, kwamitin da ya binciki hatsarin ya soki yadda injiniyoyi suka saba isar da bayani ta silaid maimakon cikakken rahoto. Masanin tsara bayanai Edward Tufte ya ɗauki silaid guda daga cikin waɗanda aka nuna wa shugabanni tun kumbon yana sama, ya feɗe shi. Kan silaid ɗin yana kwantar da hankali. Can ƙasa, cikin ƙananan haruffa, aka rubuta cewa ɓallin soson da ya bugi fiffiken kumbon ya ninka wanda aka taɓa gwadawa sau ɗaruruwa. Darasin da ya shafi ɗalibi a nan shi ne, kan silaid yakan fi abin da ke ƙarƙashinsa ƙarfin baki, kuma wanda ya kwashe kanun kawai ya kwashe ƙarfin bakin, ya bar sharuɗɗan.

Dalili na biyu ya fi wannan sauƙi, kuma an fi mantawa da shi. Silaid ya girmi kundin da za a ɗinke. An shirya shi kafin a shiga ɗaki, kafin mai jarrabawa na waje ya buɗe shafin da ya naɗe ya ce a sake lissafin jadawali kaza. Duk gyaran da aka yi bayan kariya yana cikin kundi, ba ya cikin silaid.

Inda tsarin ya samo asali

Tsakure mai kanu ba tsohon abu ba ne. A 1987 mujallar likitoci ta Annals of Internal Medicine ta buga shawarar wani ayarin masana, wanda Brian Haynes na Jami'ar McMaster da ke Kanada yake cikin jagororinsa. Kukansu shi ne, likita mai aiki ba shi da lokacin karanta kowace maƙala, kuma tsakuren da aka saba rubutawa a dunƙule yakan tsallake abin da yake buƙata don ya gane ko binciken abin dogaro ne. Sai suka ce a tilasta wa marubuci ya amsa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya: me aka nema, yaya aka tsara binciken, a ina, a kan su wa, me aka yi musu, me aka samu, me hakan ke nufi. Idan an sa kai a kan kowace tambaya, wanda ya bar gurbi babu komai ba shi da wurin ɓuya.

Daga likitanci tsarin ya bazu zuwa ilimi, noma, kasuwanci da sauransu, kowa da nasa kanun. The New England Journal of Medicine tana amfani da huɗu, `Background`, `Methods`, `Results`, `Conclusions`, cikin kalma 250. The Lancet tana cewa `Findings` da `Interpretation`, ta ƙara da `Funding` don a san wanda ya ba da kuɗi. Mujallun kamfanin Emerald, da malaman kasuwanci da gudanarwa suka sani sosai, suna neman `Purpose`, `Design/methodology/approach`, `Findings` da `Originality/value`. Saboda haka matakin farko ba ya cikin silaid ɗin ma. Shi ne a buɗe ƙa'idar wurin da za a tura, a kwafi kanun yadda suke, a rubuta adadin kalmomin da aka yarda a saman takarda.

A ƙaddara wata ɗaliba da buhunan wakenta

Misali zai fi fito da abin fili. A ƙaddara wata ɗaliba ce a tsangayar aikin gona, kuma lambobin da za su biyo baya na kwatance ne, an zaɓe su don a ga yadda aikin ke tafiya. Ta yi bincike kan buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ɓullo da shi tare da abokan aikinsu a arewacin Kamaru. Leda biyu ce mai kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Idan aka ɗaure kowanne da kyau, ƙwaron da ke cikin waken yakan cinye iskar da ta rage, sai ya daina ci da haihuwa. Ɗalibar ta kai wa gidajen manoma 40 a ƙauyuka 4, kowane gida ya ajiye kilo 50 a irin wannan buhu da wani kilo 50 a buhun gama-gari, bayan wata 6 ta buɗe ta ƙirga ƙwayoyin da ƙwaro ya huda.

Silaid ɗinta 24 ne. Na farko take ne, na biyu jerin abin da za ta faɗa. Uku sun tafi ga muhimmancin wake a Nijeriya da Nijar, ɗaya ga matsalar bincike, ɗaya ga manufa, huɗu ga bitar ayyukan da suka gabata, ɗaya ga taswirar ƙauyukan. Silaid 12 ke nan, rabin duka, ba a taɓa abin da ita da kanta ta yi ba. Daga nan hanyar bincike ta sami uku, sakamako biyar, tattaunawa ɗaya, kammalawa ɗaya, shawarwari ɗaya, sai na godiya.

Wannan rabo daidai ne a ɗakin kariya, domin a can ana jarraba ɗaliba ce, ana son a ga ta karanta magabata kuma ta san fagenta. Tsakure ba ya jarraba kowa. Mai karanta shi yana son ya san abin da aka yi da abin da aka samu. Don haka sai rabon ya juye. A kalma 250, dalili da manufa su tsaya a wajen 40 zuwa 50, hanya ta sami 60 zuwa 70, sakamako ya ɗauki kaso mafi tsoka, 80 zuwa 100, kammalawa ta ƙarasa da abin da ya saura. Ba doka ba ce, awo ne da ke aiki. Ma'anarsa a aikace ita ce silaid 12 na farko za su koma jimla biyu, biyar na sakamako kuma za su cinye sama da sulusin wurin.

Hanya mafi sauƙi ta rarraba su ita ce a buga silaid ɗin a takarda, shida a kowane shafi, a ɗauki biro a sa wa kowanne harafin kan da zai shiga, wanda ba shi da gurbi a soke shi. Take, jerin bayani, bitar magabata, taswira da godiya duk za su sha sukar biro. Bitar magabata ita ce ta fi yi wa ɗalibai ciwo, saboda ita ta cinye musu dare mafi yawa, amma tsakure ba ya ɗaukar sunayen marubuta da shekarun bugu. Abin da zai tsira daga cikinta shi ne giɓin da ya sa aka yi aikin, a jimla ɗaya.

Akwai wata gajeriyar hanya da ta kamata a yi hattara da ita. A PowerPoint, idan aka shiga `View` aka danna `Outline View`, rubutun silaid duka yakan jeru a gefe, ana iya kwafe shi lokaci guda. Sai dai wannan jeri yana nuna take ne da rubutun da ke cikin gurbin da manhajar ta tanada. Jadawali, zane, hoto da rubutun da aka sa a akwati na daban ba sa fitowa. Sakamako kuwa kusan kullum a jadawali da zane yake. Wanda ya kwafa ta nan zai tashi da gabatarwa mai tsawo da sakamako fayau, kuma ba zai san lokacin da abin ya faru ba. Inda ya fi amfani a leƙa shi ne `Notes`, gurbin da ke ƙarƙashin kowane silaid, idan ɗalibi ya rubuta abin da zai faɗa da baki a can, domin nan ne cikakkun jimloli suke.

A fara da sakamako

Tsakure ana karanta shi daga sama, amma an fi samun sauƙi idan an rubuta shi daga tsakiya. Wanda ya fara da gabatarwa zai ci kalma 120 kafin ya farga, sannan ya dawo yana yanke lambobi don ya sami wuri.

Silaid na 17 na ɗalibar yana ɗauke da babban sakamakonta. Kansa ya ce buhun ya rage ɓarna da kashi 87 cikin 100. Ƙasa da shi ga zane mai sanduna biyu, gajeriya an rubuta 6, doguwa an rubuta 47, sai tauraro da `p < 0.05`. A ɗaki wannan ya wadatar, don ta tsaya ta bayyana cewa 6 da 47 ƙwayoyi ne masu huji cikin kowace ƙwaya 100. A takarda kuwa, "kashi 87" shi kaɗai bai gaya wa mai karatu komai ba. Daga nawa zuwa nawa? Wanda ya rage daga 47 zuwa 6 da wanda ya rage daga 8 zuwa 1 duk za su iya cewa wajen kashi 87, alhali na farko ya ceci buhu ne, na biyu kuwa ɗan kwaskwarima ya yi. Shi ma `p < 0.05` abin da yake cewa kawai da wuya a ce dace ne ya kawo irin wannan bambanci. Bai faɗi girmansa ba. Jimlar sakamako mai kyau takan ɗauki lambar kowane ɓangare, da bambancinsu, da tazarar da ake kyautata zaton ainihin bambancin yana cikinta, wadda ake rubutawa `95% CI`.

Sai babbar matsalar. Lambar 6 ɗin ma ba ita ce a kundin da aka gyara ba. Ɓera ya fasa buhu mai ruɓi uku a gida 3, iska ta shiga, ƙwaro ya ci gaba da aikinsa. Ɗalibar ta cire waɗannan ukun daga lissafi, tana ganin ba laifin buhun ba ne. Mai jarrabawa na waje bai yarda ba. Hujjarsa ita ce ɓera yana cikin rayuwar ɗakin ajiyar manomi, kuma manomin da ya sayi buhu bai sayi alkawarin cewa ɓera zai ƙyale shi ba. Da aka mayar da ukun, waɗanda matsakaicin hujinsu 46 ne, lissafin gida 40 ya tashi daga 6 zuwa 9, raguwar kuma ta sauko daga kashi 87 zuwa 81. Kundin da za a ɗinke yana cewa 9. Silaid yana nan yana cewa 6. Da ta kwafa daga silaid, da shafin farko na kundinta ya ƙaryata babi na huɗu.

Irin wannan saɓani ba ɗalibai kaɗai yake kamawa ba. A 1999 Roy Pitkin da abokan aikinsa suka buga bincike a mujallar JAMA, inda suka ɗauki maƙala 44 daga kowace ɗaya cikin manyan mujallun likitanci shida, suka gwada tsakuren kowace da jikinta. A mujallar da ta fi tsabta, kashi 18 cikin 100 na tsakuren suna ɗauke da bayanin da ya saɓa wa maƙalar ko wanda babu shi sam a ciki. A wadda ta fi muni abin ya kai kashi 68. Waɗannan maƙalu ne da suka bi ta hannun masu tacewa da editoci. Maganin ba shi da wuya, sai dai gajiya: kowace lamba da ta shiga tsakure a rubuta shafi da jadawalin da ta fito a gefenta da fensir, daga kundin ƙarshe. Wadda ba a sami shafinta ba, a cire ta.

Ɗalibar tana da wani sakamako da ta wuce da sauri ranar kariya. Matan gidajen sun tambaye ta ko waken da ya daɗe a leda zai yi taurin dahuwa, sai ta auna, ta sami minti 58 da minti 61, bambancin da bai kai a dogara da shi ba. Zuciya takan raya wa mutum ya bar irin wannan, tunda "ba a sami komai ba". Amma yana cikin manufofin da ta lissafa a babi na ɗaya, kuma ga mai dafa wake amsa ce mai amfani. Ƙa'idar ita ce, manufar da aka ambata a sama dole ta sami amsarta a ƙasa, ko amsar ta yi daɗi ko ba ta yi ba. In babu wurin amsar, to a cire manufar ma daga tsakuren.

Mai son ganin yadda ƙwararru ke yin wannan zai iya duba tsakuren binciken MORDOR, wanda The New England Journal of Medicine ta buga a 2018. An raba wa yara 'yan wata 1 zuwa 59 maganin azitiromaisin sau biyu a shekara a Malawi, Tanzaniya da Nijar, inda aka yi aikin a jihar Doso. Tsakuren ya ce mace-macen yara sun ragu da kashi 13.5 cikin 100 idan an haɗa ƙasashen uku, ya ba da ainihin lambobin, 14.6 da 16.5 cikin kowane yaro 1000 a shekara. Bai tsaya nan ba, ya warware ƙasa-ƙasa: 18.1 a Nijar, 5.7 a Malawi, 3.4 a Tanzaniya, kowanne da tazararsa. Mai karatu yana gani da idonsa cewa Nijar ce ta ja lissafin. Da sun ba da 13.5 kawai, da ba su yi ƙarya ba, amma da sun ɓoye abin da ma'aikatar lafiya ta kowace ƙasa ta fi buƙatar sani.

Bayan sakamako sai hanya, kuma a nan silaid ukun ɗalibar sun fi taimakawa. Abin da za a tsamo shi ne tsarin binciken, wuri, lokaci, yawan gidaje, da abin da aka auna a matsayin babban ma'auni. Sunan manhajar da aka yi lissafi da ita, wanda ɗalibai ke matuƙar son ambata, zai iya zama a kundi. Abin da bai kamata ya ɓace ba shi ne cewa waken buhunan biyu daga tsibi ɗaya aka ɗebo shi, a ɗaki ɗaya aka ajiye. Wannan bai hau silaid ba, da baki ta faɗe shi lokacin da aka tambaye ta, alhali shi ne ya sa kwatancen ya zama na adalci.

Kammalawa ita ce wurin da aka fi zarce gona da iri. Silaid na 23 ya ce buhun zai ƙara wa manoma kuɗin shiga, ya kuma yi kira ga gwamnati ta raba shi kyauta. A ɗakin kariya an saba da irin waɗannan shawarwari, ba mai ɗaga gira. Amma ɗalibar ba ta auna kuɗin kowa ba, huji ta ƙirga. Wani bincike da Isabelle Boutron da abokan aikinta suka buga a JAMA a 2010 ya duba rahotanni 72 na gwajin magunguna da hanyoyin jinya waɗanda babban sakamakonsu bai nuna bambancin dogaro ba, ya tarar fiye da rabinsu sun yi wa kammalawar tsakurensu kwalliyar da ke sa mai karatu ya zaci an yi nasara. Gwajin da zai tsare mutum mai sauƙi ne. A ɗauki kowace jimla ta kammalawa a nemi lambar da ta goyi bayanta a sashen sakamako da ke samanta. Jimlar kuɗin shiga ba ta da lamba, don haka ba ta shiga.

Ga abin da ya rage bayan duk wannan tankaɗe:

*Dalili.* Ƙwaro yana huda waken da manoma suka ajiye a buhun gama-gari, abin da ke sa wasu sayar da shi da wuri ko zuba masa magani. Wannan bincike ya auna ko buhu mai ruɓi uku yana rage huji a ɗakunan ajiyar manoma ba tare da magani ba, da ko yana shafar dahuwa.

*Hanya.* An yi aikin a gidajen manoma 40 cikin ƙauyuka 4, daga farkon Disamba zuwa ƙarshen Mayu. Kowane gida ya ajiye wake kilo 50 a buhu mai ruɓi uku da kilo 50 a buhun gama-gari, daga tsibi ɗaya, a ɗaki ɗaya. Babban ma'auni shi ne yawan ƙwayoyi masu huji cikin 100 da aka ɗiba daga kowane buhu bayan wata 6. An kuma auna lokacin dahuwa.

*Sakamako.* Kafin ajiya ƙwaya 4 cikin 100 ke da huji. Bayan wata 6 matsakaicin ya kai 9 a buhu mai ruɓi uku da 47 a na gama-gari, bambancin ƙwaya 38, 95% CI 33–43. Ɓera ya fasa buhu mai ruɓi uku a gida 3, inda matsakaicin ya kai 46, a sauran 37 kuwa 6 ne. Dahuwa ta ɗauki minti 58 da minti 61, p = 0.31.

*Kammalawa.* A waɗannan gidaje buhu mai ruɓi uku ya rage huji sosai cikin wata 6 matuƙar bai fashe ba, wanda ɓera ya fasa kuwa bai fi na gama-gari ba. Binciken na kaka ɗaya ne, kuma bai auna riba ba.

Bai kai kalma 250 ba. Abin lura shi ne labarin ɓera, wanda ba shi da silaid ko ɗaya, ya sami jimla a sakamako da wata a kammalawa, alhali silaid huɗu na bitar magabata ba su bar ko kalma ba. A kundi na gaske za a ambaci sunan ƙaramar hukuma da shekara a sashen hanya. Wanda ke rubutu da Ingilishi ko Faransanci, tsarin bai canza ba. Haka ma wanda bincikensa na hira ne ko na adabi, babu jadawali a ciki. Shi ma zai faɗi mutum nawa ya zanta da su ko littafi nawa ya nazarta, a ina, ta wace mazhaba, sannan ya faɗi jigogin da ya gano da sunansu. "An tattauna sakamakon bincike" da "an kawo shawarwari a ƙarshe" jimloli ne da suka cika tsakuren kundaye da yawa, kuma ba sa gaya wa kowa abin da aka gano.

Saura ƙananan abubuwa da ke sa a dawo wa mutum da aiki. Silaid cike yake da gajerun sunaye da 'yan ɗakin suka sani, a tsakure kuwa sai an warware kowanne a karon farko ko a bar shi. "Dubi jadawali na 4.2" ba shi da ma'ana ga wanda kundin ba ya hannunsa. Silaid ɗin da aka gyaro daga na kare shawarar bincike yakan zo da "za a tattara bayanai" alhali an riga an tattara, don haka a bi a mayar da komai abin da ya wuce. Wajen ƙirga, `Word Count` da ke ƙarƙashin `Review` a Word yana ba da kalmomi da haruffa, kuma yana da kyau a duba wanne ake nufi, domin wasu shafukan karɓar takardun taro haruffa suke ƙirgawa har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Alamomi irin ± da ≤, da harufan Hausa masu lanƙwasa, sukan rikiɗe zuwa wani abu daban idan an manna su a irin waɗannan shafuka, sai a duba da ido kafin a danna turawa.

Gwaji na ƙarshe shi ne a miƙa tsakuren ga wanda bai halarci kariyar ba, abokin karatu daga wani sashe ya isa, a ce ya karanta sau ɗaya ya faɗi abin da aka yi, a kan mutum ko gida nawa, da abin da aka samu da lambarsa. Inda ya yi tuntuɓe, nan ne bayanin ya maƙale a bakin marubuci bai sauko takarda ba.

Akwai kuma abin da ke wuyan malamai. Takardar da ke shaida cewa ɗalibi ya yi gyare-gyaren da aka umarce shi takan bi babi-babi, tsakure kuwa da yake yana gaba, cikin shafukan godiya da sadaukarwa, sau da yawa ido yakan tsallake shi. Ya kamata malamin da ya duba aiki da mai jarrabawa na cikin gida su ajiye tsakuren kusa da babi na huɗu, su bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, kafin su sa hannu a tafi wurin maɗinki.